Wata huɗu ina zarya, har yau ba su sayi buhu ɗaya ba

Assalamu alaikum Baba. Ina sayar da sababbin buhunan leda a babbar kasuwar Maraɗi, daga Kano nake saro su. A watan Nuwamba na kai samfuri wani kamfanin haɗa abincin dabbobi. Shugaban sashen saye ya duba ya yaba, ya ce suna cin buhu 40,000 a kakar aiki, suna saye a kan sefa 200, ni kuma na ce zan ba su a 175. Ya ce in kawo takardar farashi, in sha Allahu za a yi. Da jin haka na karɓi rance wajen kawuna na saro buhu 10,000 na ajiye. Yau wata huɗu ke nan. Kullum na kira sai ya ce "ana kan dubawa", in na je mai gadi ya ce ya fita. A rumfata mutum ba ya minti biyar bai saya ko ya wuce ba. Kawu ya fara yi mini wani irin kallo, abokaina kuma sun ce goro ake jira in miƙa. Yaudarata ake yi ne, ko in ba da goron? Ɗanka daga Sabon Gari, Maraɗi.

Wa alaikumus salam ɗana. Ka mayar da goronka aljihu tukuna. Na yi shekaru ina zaune a irin kujerar mutumin da kake wa zarya, kuma daga abin da na karanta ban ga alamar yaudara ba. Abin da na gani shi ne ka yi ciniki da mutum ɗaya a gidan da sai mutum biyar ko shida sun yarda ake fitar da kuɗi, kuma wanda ka kama ɗin ba shi ne mai ƙarfin cikinsu ba.

Wanda ya tsaya a rumfarka ya ɗaga buhu ya ja bakinsa ya ce "nawa?", shi ne ya ga yana bukata, shi zai zuba geronsa a ciki, kuɗinsa ne, in buhun ya fashe kuma shi da kansa zai yi wa faɗa. Dukan shawarar a cikin kai ɗaya take, shi ya sa take ƙarewa kafin shayinka ya huce. A kamfani an rarraba waɗannan ayyuka a kan mutane daban-daban, kowa da ofishinsa, kowa da abin da yake tsoro. Malaman harkar kasuwanci sun daɗe da lura da haka. A 1972 wasu biyu daga Amurka, Webster da Wind, suka kira wannan taron mutane cibiyar saye, suka ƙirga matsayi biyar a ciki: masu amfani da kayan, masu tasiri a kan zaɓi, mai sayen, mai yanke hukunci, da mai tsaron ƙofa. Daga baya aka ƙara na shida, wato wanda ya fara tada maganar. Kada sunan ya ruɗe ka, ba wani ɗaki ba ne mai allo a ƙofa. Sau da yawa mutanen ma ba su taɓa zama wuri ɗaya a kan maganarka ba, takardarka ce take bin su ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da na shidan, don ina jin nan ne gizo yake saƙa. Wa ya tada maganar canza buhu a wannan kamfani? Kai ne. Ba mai mangaza ne ya je ya ce buhunan da ake kawo mana suna fashewa ba, ba darakta ne ya ce a rage kashe kuɗi ba. Kai ka shigo daga waje da samfurinka. Su suna da mai kawo musu kaya wanda suka saba da shi, in buhu ya yi ƙasa a ɗaga waya a ce a ƙaro, ba taro ba shawara. Wannan shi ne saye mafi sauƙi a kamfani, maimaita abin da aka saba, kuma yakan ƙare cikin kwana biyu. Abin da kake nema shi ne su sauya hannu a kan kayan da suka sani, kuma wannan yana tayar da kowa daga barci: sai an gwada, sai an kwatanta, sai an sa hannu. Wanda ya fi shi wuya shi ne sayen abin da ba a taɓa saye ba, kamar sabon inji, wanda kan ci shekara. Kai kana tsakiya. Kuma muddin babu wani a cikin gidan da buhun yanzu yake ci wa tuwo a ƙwarya, takardarka ba ta da uba. Ba wanda ya ƙi ta, ba kuma wanda zai tashi daga kujerarsa dominta.

Shi shugaban sashen saye, ina kyautata zaton da gaske ya yaba. Aikinsa ke nan ya tara farashi, ya san wa ke da me a gari, ya riƙe sunanka ko don ya matsa wa mai kawo musu kaya na yanzu ya rage. Wannan na ƙarshen ka sa shi a ranka, yana faruwa sosai: a karɓi takardarka ta 175 a nuna wa wancan, ya sauko 190, magana ta mutu ba ka sani ba. Amma ko da yana son ka da zuciya ɗaya, ikonsa bai wuce ya shirya takardu ya ba da ra'ayi ba. "In sha Allahu za a yi" a bakinsa tana nufin zan shigar da maganar. Kai kuma ka ji ta da kunnen kasuwa, inda in dattijo ya ce an gama to an gama.

Yanzu ka bi ni mu shiga cikin izin ɗin, wato inda injinan haɗa abincin suke, wurin da ban ji ka ce ka taɓa takawa ba. Akwai yaron da yake riƙe buhu a bakin mazurari, akwai mai keken ɗinke baki, akwai ƴan dako da suke jifa da shi a kan kamyo, akwai mai mangaza da yake jera shi hawa-hawa har kusa da rufi. Su ne masu amfani da kayanka. Ba a kiran su taro, ba sa sa hannu a komai, amma kalma ɗaya daga bakinsu ta isa ta kashe ciniki. In saƙar buhunka ba ta matsu ba, garin dusa zai riƙa tsiyaya ta ramukan, mangaza ta cika da ƙura, nauyi ya ragu kafin a kai Dakoro. In faɗinsa ya gaza na wanda suka saba da santimita biyar, kilo 50 na dusa ba zai shiga ya bar wurin ɗinki ba, domin dusa ba ta da nauyin gero, ta fi shi cin wuri. In zaren bakin yana warwarewa, allurar keke za ta riƙa tsallake. In mai rufin leda ne a jiki, ya tsare ƙura amma yana santsi, jeri mai tsawo ya zame ya faɗo a kan mutum. Duk wannan ba a ganinsa a samfuri ɗaya da aka shafa a kan tebur. Shugaban izin, wanda shi ne babban mai tasiri a nan, ba zai ce komai ba sai an cika buhunanka da kayansu, an ɗinke, an jefa, an jera, an bar su sati biyu ko uku an ga yadda na ƙasa suka yi. Kuma ba zai tsayar da aiki don gwajinka ba, sai ranar da ya samu sarari.

Ga lissafin da yake yi a ransa, ko da bai taɓa rubuta shi ba. Alƙaluman buhu naka ne, sauran na ƙaddara su ne don misali, kai ka sa na gaskiya in ka samo. Buhu 40,000 a kan 200 miliyan 8 ke nan, a kan 175 kuma miliyan 7. Ka zo musu da rangwamen miliyan 1, kuma a idonka wannan hujja ce da ba ta da amsa. To a ce abincin da ke cikin kowane buhu ya kai jika 10. A ce cikin kowane buhu 100 naka guda ɗaya tak ya fi nasu fashewa. Buhu 400 ke nan a kaka. In kowane ya zubar da rubu'in abin da ke ciki a ƙasa ko a bayan mota, an yi asarar sefa 2,500 sau 400, miliyan 1 cif. Rangwamenka ya tafi, ba a ma sa ladan sake cikawa da ɓacin ran makiyayin da aka kai wa buhu a yage ba.

Wannan ma ƙaramin tsoro ne. A ce suna cika buhu 800 a rana, wato odar duka ta kwana 50 ce. Ranar da buhu ya yanke, inji ya tsaya, ma'aikata suna zaune ana biyansu, kayan miliyan 8 ba su fita ba. Yini ɗaya rak ya cinye kwatankwacin kuɗin buhun kakar gaba ɗaya. Kai kuma kayanka ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Babu ɗan kasuwar Maraɗi da ya manta rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk mai hankali a wannan kamfani zai tambayi kansa: in hanya ta toshe, ko naira ta yi tsalle, yaron nan yana da ajiyar da zai riƙe mu wata ɗaya? Mai kawo musu na yanzu wataƙila ya riga ya amsa wannan tambaya a aikace, a lokacin da ake tsananin bukata, kuma irin wannan halacci ba a sayar da shi a kan dala biyar. Buhu ƙaramin abu ne a cikin kuɗin da suke kashewa, amma babba ne a cikin abin da zai iya tsayar da su, kuma irin wannan kaya shi aka fi jinkirin sauya wa hannu.

Akwai kuma abin da ya shafi kowane mutum a karan kansa, wanda ba a faɗa a taro. In aka ci gaba da tsohon mai kaya aka samu matsala, ƙaddara ce. In aka sauya zuwa gare ka aka samu matsala, za a tambaya wa ya kawo shi. Ribar miliyan 1 aljihun mai kamfani za ta shiga, laifin kuwa a wuyan wanda ya sa hannu zai rataya. Na taɓa sauya mai kawo mana wani kaya saboda araha, a wani wuri da na yi aiki, kaya na biyu suka zo ba kamar samfuri ba. Ba a kore ni ba, amma shekara biyu duk takardar da na kai sai an juya ta sau uku. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu ni kaɗai ba, sai na jawo shugaban izin da mai lissafi sun sa nasu. Rabin jinkirin da kake gani daga nan yake fitowa: kowa yana so a raba nauyin da shi da wani.

Sai kontabul, mai lissafin kuɗi, wanda ƴan kasuwarmu suka fi mantawa da shi, alhali a teburinsa takardu suka fi kwana. Shi bai damu da saƙar buhu ba. Tambayarsa ita ce kana da lambar haraji, wato NIF? Kana da rajistar kasuwanci, RCCM? Za ka iya ba da faktir irin wadda hukumar haraji take karɓa? Kana da asusun banki da sunan kasuwancinka, ko a hannu kake so a ƙirga maka miliyan 7? Kayan sun bi ta duwan da takardunsu? Kamfanin da yake rufe lissafi duk shekara ba zai iya shigar da kashe kuɗi mai yawa haka da rasit ɗin hannu ba. In takardar da ka kai ba ta ɗauke da waɗannan, mai yiwuwa tun makon farko ta tsaya, kuma mai sayen yana jin nauyin ya gaya maka.

A nan ma ka sake duba farashinka. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Ita 175 ɗin da ka faɗa, da haraji ne ko babu? Ita 200 da aka gaya maka fa? In tasu da haraji a ciki taka kuma babu, to taka ta zama 208 da ɗoriya, kai ne mai tsada ba ka sani ba. Haka maganar dako zuwa ƙofar mangazarsu, da maganar bugu. Kamfani irin wannan yawanci buhunsa yana ɗauke da sunansa da tambarinsa da nauyin kaya, ana buga su tun a masana'anta, kuma masana'anta ba ta buga kaɗan. In buhu 10,000 da ka ajiye farare ne ba rubutu, zai yiwu ko yau aka ce an ba ka odar, ba su ne za ka kai ba. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji, amma gara ka ji ta daga gare ni.

Kuma ko an ba ka, kada ka zaci ranar da ka sauke kaya za ka koma gida da kuɗi. Mai mangaza zai ƙirga ya sa hannu a takardar karɓa, a haɗa ta da takardar oda da faktir ɗinka, a kai wa kontabul, a jira sa hannun darakta. Kwana 30 ko 60 bayan sauke kaya ba abin mamaki ba ne. Wanda yake juya kuɗin rance dole ya san wannan kafin ya yi murna.

Mai yanke hukunci shi ne na ƙarshe, kuma a Maraɗi sau da yawa ba ya cikin ginin ma. Yana iya zama darakta, yana iya zama Alhajin da ya kafa wurin, wanda yau yana Yamai gobe yana Kano jibi ya tafi Umra, kuma duk abin da ya wuce wani adadi sai ya gani da idonsa. Wani lokaci mai kawo buhun na yanzu abokinsa ne tun suna yara, ko surukinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina, amma mai shayin ƙofar kamfanin ya sani. Shi ba ya karanta takarda mai shafi uku. Zai tambayi mutum biyu da ya yarda da su, "yaron nan ɗan gidan wa ne, kayansa suna da kyau?" In suka yi shiru ko suka ce ba mu gwada ba, ya ajiye ta gefe.

Mai gadin da kake jin haushi, shi da sakatare, su ne masu tsaron ƙofa, kuma shi kansa mai sayen yana cikinsu, tunda ta hannunsa kaɗai labarinka yake shiga ciki. Ba sa iya cewa a saya, amma suna iya sa a manta da kai. Ka daina zuwa ba zato kana tsayawa a ƙofa kamar mai bin bashi. Ka gaishe su da mutunci, ka tambayi ranar da ake ganin masu kawo kaya, ka nemi a sa maka lokaci.

Ban ga lokacin da ka shiga ya taimake ka ba. Kamfani ba ya sayen buhu don sha'awa, bukatarsa tana bin bukatar makiyaya da masu kiwon turke. Abincin dabbobi ya fi tafiya in rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare a daji, daga wajen Maris har faɗuwar damina, da kuma gabanin Layya. Mai hankali ba ya fafe gora ranar tafiya, don haka buhun wannan kaka tun kafin ka kai samfurinka, ko a daidai lokacin, aka yi odarsa. Yanzu kuma suna tsakiyar aiki, ba wanda yake da sararin gwada sabon abu. Ƙofar babbar oda sai bayan damina za ta sake buɗewa. Amma tsakiyar kaka tana da tata ƙofar ƙarama: lokacin ne buhu kan yanke ba zato, kuma wanda yake da kaya a cikin gari, wanda za a kira da safe ya kawo da azahar, yana da daraja.

Ta wannan ƙaramar ƙofa nake so ka shiga. Ka koma wajen mai sayen, amma ka bar tambayar "yaya maganarmu?", don amsarta ɗaya ce kullum. Ka ce masa: ranka ya daɗe, takardata a teburin wa take yanzu, kuma me ya rage a cikinta? Wa zai gwada buhun? Wane wata kuke yin odar kaka mai zuwa? Sannan ka sauke buƙatarka da kanka. Ka ce ba ka neman a kori kowa, kana so ne a rubuta ka a matsayin na biyu, wanda za a kira in an matsu. Ka ba da buhu 100 kyauta a cika a jera, ka roƙi a bar ka ka tsaya a wurin ranar gwajin, don ka ji da kunnenka abin da mai ɗinki da mai mangaza za su ce. Sefa 17,500 ke nan a farashinka, kuma ta fi kowane goro amfani. Kafin ranar ka nemi buhu ɗaya na wanda suke amfani da shi, ka auna tsawo da faɗi, ka ɗora guda goma nasu da goma naka a kan sikeli. Nauyin buhun da ba komai a ciki shi yake nuna yawan ledar da aka saƙa shi da ita, kuma sau da yawa a nan arahar take ɓuya. In naka ya fi sauƙi sosai, ka san dalilin dala biyar ɗinka, ka koma Kano ka nemi daidai nasu ka sake lissafi. In gwaji ya yi kyau, ka nemi odar gwaji ta buhu 2,000, a rubuce, da takardar oda mai hatimi wadda a ofis ake ce wa bon. Daga yau kada ka ƙara saro ko buhu ɗaya domin kamfani sai wannan takarda tana hannunka.

Amsoshin da mai sayen zai ba ka su za su nuna maka ko maganar tana da rai. Cinikin da yake tafiya, ko da a hankali, yana da alamu: ana yi maka sababbin tambayoyi, ana neman wata takarda, ana haɗa ka da wani mutum da ba ka sani ba, ana ambaton wata ko rana, ana ma ƙorafi a kan kayanka. Ƙorafi alheri ne, yana nufin wani ya taɓa buhun. Wanda ya mutu kuwa ba ya canza kama: mutum ɗaya, kalma ɗaya, yabo ba tambaya, kuma in ka nemi ganin shugaban izin a kauce. In ka yi waɗannan tambayoyi sau biyu a cikin wata guda ba ka samu suna ko rana ba, ka bar musu lambarka cikin girmamawa ka ce za ka leƙo bayan damina, ka juya ga wasu.

Maganar goro kuwa, ba zan ce maka ba a yi ba, ana yi. Amma mai neman cin hanci ba ya barin ka wata huɗu cikin duhu, da wuri yake nuna hanya, ya ce ku haɗu a waje ko ya turo wani ya raɗa maka. Ban da haramcinsa, ka duba ko a lissafi ma ba ya fita: za ka sayi mutum ɗaya cikin shida, wanda ba shi da ikon hana mai mangaza cewa buhunka yana zuba, kuma ranar da aka sauya shi daga kujerar, kai ma ka tafi tare da shi da baƙin suna. Abokanka a rumfa suke, da ma'aunin rumfa suke auna abin.

Saura kayan da ke ajiye da kuma kawu. Buhun leda ba ya son rana, in ya daɗe a cikinta sai ya yi fari ya riƙa ruɓewa a hannu kamar tsohon ganye, ɓera kuma ba ya raga masa. Ka tabbata suna cikin inuwa a ɗaure a kan katako. Kada ka riƙe su duka kana jiran kamfani. Ka ware 2,000 saboda gwaji da kiran gaggawa, sauran 8,000 ka fara fitar da su ga mutanen da ka saba da su, masu wake da gero da aya, da ƴan sarin ƙauye masu zuwa ranar kasuwa, ko da ribar ba ta kai yadda ka so ba. Su ne masu yanke shawara a tsaye su biya a tsaye, kuma da kuɗinsu za ka rage bashi.

Shi kuma kawu kada ka jira ya kira ka. Ka je gida bayan sallar isha'i, ka zauna ƙasa, ka ce Kawu na yi gaggawa, na ɗauki maganar baki a matsayin oda. Ka nuna masa buhu nawa suka rage, nawa za ka sayar a wata, nawa za ka riƙa kawo masa. Dattijon da ya yi kasuwa zai fi jin daɗin wannan da "ana kan dubawa" da kai ma ka fara maimaita masa. Ka kuma tambaye shi ko ya san mai kamfanin ko wani na kusa da shi, don a yi maka shaida cewa kai ɗan gidan mutunci ne mai cika alkawari. Amma ka bari sai an yi gwajin kuma NIF ɗinka ta fito, saboda in Alhaji ya juya ya tambayi shugaban izin da kontabul, ya tarar suna da abin faɗa.